Biyar ɗin da ta faɗi a hanya

Ina koyar da lissafin magani a wata makarantar koyon aikin jinya. Da zarar jarrabawa ta matso, za ka ga kowace ɗaliba da 'yar takardarta a aljihu, ta matse darasin wata uku a shafi biyu. Ba na hana su, don taƙaitawa ma karatu ce. Abin da ke damuna shi ne, daga ranar da aka rubuta takardar nan, babban littafi ya shiga akwati ke nan, ita ake ta bita har a haddace ta, da daidanta da kuskurenta.

Wata ɗalibata ta ba ni labarin abin da ya same ta ana gobe jarrabawa. Dare ya raba, an ɗauke wuta, abokan ɗakinta duk sun yi barci, ita kuwa tana zaune a kan darduma da fitilar waya. Ta gama bitar takardarta, babu layin da ba ta iya kawowa da ka. Har ta miƙe za ta kwanta, sai ta ce bari ta gwada ɗaya daga tambayoyin shekarun baya.

Tambayar a kan yaro ne mai nauyin kilo 8, yana zazzaɓi, an rubuta masa farasitamol na ruwa, miligiram 15 ga kowane kilo. Mililita nawa za a ba shi? Ta ninka 8 da 15, ta sami miligiram 120. Nan babu matsala. Ta leƙa takardarta, ta ga ta rubuta ƙarfin maganin 120mg/ml, wato miligiram 120 a kowace mililita. Amsa ke nan mililita 1. Da ta juya bayan takardar tambayoyin, sai ta ga 5.

Farko dai mai amsar ta zarga, kamar yadda kowa zai yi. Ta sake lissafi, 1 ɗin ta sake fitowa, kuma dole ta fito, tunda ba a lissafin ɓarakar take ba. Abin da ya tsayar da ita shi ne tuna yadda mahaifiyarta ke ba ƙanenta wannan magani a gida: ƙaramin cokali take cikawa, wanda ke ɗaukar wajen mililita 5. Mililita 1 kuwa ko gindin cokalin ba za ta rufe sosai ba.

Ta jawo akwati, ta fito da babban littafinta. Ga shi ɓaro-ɓaro da hannunta: 120mg/5ml. A taƙaitawarta ta farko ma biyar ɗin tana nan, sai dai ta maƙale a bakin shafi. Da ta zo kwafe ta biyu, wadda ta yi don ta fi tsabta, a nan ta faɗi.

Irin wannan kuskure bita ba ta kama shi, domin ido abin da ya saba gani yake gani, kuma 120mg/ml bai yi kama da shirme ba. Akwai ma farasitamol na ɗigawa jarirai mai ƙarfin 100mg/ml, don haka rubutun ya zauna daram. Da takardarta, yaron zai sami miligiram 24 kacal, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya kamata, zazzaɓi ya ƙi sauka, a yi ta neman dalili a wani wurin. Juyin abin ya fi muni. Wadda ta haddace "mililita 5" ba ta duba kwalba ba, idan na ɗigawar ne a hannunta, ta ɗura wa yaro miligiram 500, fiye da ninki huɗu, kuma hanta ce ke ɗaukar wahalar.

Shi ya sa nake ce wa ɗalibai, a taƙaita bayani yadda aka ga dama, amma lamba da duk abin da ke manne da ita a kwafe su cif. "A kowane sha" da "a rana" ma haka suke ɓacewa: miligiram 15 ɗin nan na sha ɗaya ne, ana ba da tazarar awa 4 zuwa 6, kuma ba a wuce sau 4 a awa 24. Sannan kowace lamba a gwada ta da tambayar da aka san amsarta, idan suka saɓa a koma babban littafi, ba taƙaitawar da ta gabata ba.

Da safe ɗalibar ta tare ni a bakin aji. "Malama, matsalar ita ce na tura hoton takardar nan a zaurenmu na WhatsApp tun makon jiya." Na ce maza ta tura gyara kafin a shiga. Ta tura, ta zagaye biyar ɗin da jan biro. Cikin masu amsawa har da wadda ta riga ta kwafe layin a tata takardar, ta kuma ba wata ta kwafa.