Sabon Ciwon Kai Bayan Shekara Hamsin

Ciwon kai ba baƙo ba ne ga kowa. Zazzaɓi na kawo shi, rana na kawo shi, haka yunwa da rashin barci. Amma in mutum ya haura shekara 50, ya zo asibiti ya ce ga wani ciwon kai da bai taɓa sanin irinsa ba, likita ba ya sallamarsa da ƙwaya biyu kamar yadda zai sallami saurayi. Sai ya zaunar da shi ya yi ta tambaya. Ya kamata hakimai da malamansu su san dalilin haka, gama su ne akan fara kai wa labari in wani dattijo ya kwanta a ƙauye.

Dalilin shi ne, ciwon kan da ba shi da wata cuta a ƙarƙashinsa, kamar ciwon ɓarin kai, galibi tun da ƙuruciya yake farawa, kuma yakan yi sauƙi in girma ya zo. Saboda haka wanda ya soma wa mutum da furfura, ko kuwa tsohon ciwo da ya sake kama, ya fi kusa da zama ɗan aiken wata cuta. Ba a ce kullum haka ne ba. Da yawa akan bincika a tarar ba kome. Amma cikin abubuwan da ke ɓuya a bayansa akwai waɗanda ke warkewa sarai in an yi hanzari, su kashe ko su makantar in an yi jinkiri.

Wanda ya fi cancanta a sani shi ne jinin da ke taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai. Ƙwaƙwalwa takan ɗan ragu in mutum ya manyanta, sai a sami fili tsakaninta da ƙashi. Akwai ƙananan jijiyoyin jini da suka ƙetara wannan fili, su kuwa sai su miƙe kamar igiyar da aka ja. Bugun da ba zai yi wa yaro kome ba ya isa ya tsinka ɗaya daga cikinsu. Jinin ba ya zuba da ƙarfi, tsatsafowa yake yi, kuma da yake akwai fili, sai ya yi makonni yana taruwa kafin ya fara danne ƙwaƙwalwa. Wannan jinkiri shi ke ruɗin mutane. Sa'ad da ciwon ya bayyana an riga an manta da bugun, da yawa daga masu ciwon ma ba su iya tuna sun bugu ko kaɗan.

A ɗauka wani dagaci ne mai shekara 68. Ya fito daga zaure da asuba, kansa ya bugi saman ƙofa. Ya dafa wurin, ya wuce masallaci, ba jini, ba suma. Bayan mako 3 ya fara jin kansa ya yi nauyi, kullum, ya sa aka sayo masa farasitamol. Ciwon ya lafa ya komo. A mako na 5 iyalinsa suka lura ya cika barci da rana, ya kan maimaita tambayar da aka riga aka amsa masa. Yau ya tashi garau ya yi shari'ar gona, gobe ya kasa kawo sunan jikansa. A mako na 6 takalminsa na hagu ya fara zamewa daga ƙafa bai sani ba, moɗa ta faɗi daga hannunsa na hagu.

To, a nan ake ɓata. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce iska ce, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ba abin yi sai haƙuri. Amma tsufa ba ya cinye hankalin mutum cikin mako 3, shanyewar jiki kuwa galibi farat ɗaya take zuwa. Abin da ke ƙaruwa mako bayan mako, yana lafawa yana tashi, ga ciwon kai a gabansa, lalle ya sa a tuna da jini cikin kai. Akan kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya, a ce a fitar da mataccen jini. Zancen jini gaskiya ne, sai dai ƙashi ya shiga tsakani, ƙaho ba ya kai wa gare shi.

A babban asibiti akan ɗauki hoton cikin kai da na'urar da ake kira siti, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a London cikin 1971. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin nan. A hoton siti kuwa sai a gan shi kwance kamar jinjirin wata, ga dagacinmu a gefen dama, domin ɓarin ƙwaƙwalwa na dama shi ke mulkin ɓarin jiki na hagu. In jinin ya yi yawa, likitan tiyata yakan huda ƙaramin rami ɗaya ko biyu a ƙoƙon kai, ya zubar da shi, ya wanke wurin, ya bar siririn bututu kwana ɗaya ko biyu don sauran ya tsiyaye. Sau da yawa mutum yakan komo cikin hayyacinsa cikin 'yan kwanaki. Jinin yakan sake taruwa ga wajen mutum ɗaya cikin goma ko sama da haka, shi ya sa ba a wasa da ranar da likita ya ce a komo.

Akwai wata cuta kuma da kusan ba a ganinta sai bayan shekara 50, watau kumburin jijiyar jini da ke gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ta fi yawa ga Turawan arewa, amma ba ta tsaya gare su ba. Mai ita yakan ji zafi in ya taɓa fatar kansa ko ya sa hula, muƙamuƙinsa ya gaji in yana tauna, gani ya ɗauke na ɗan lokaci ya komo. Wannan ba a kwana da shi, gama idon da ya rufe ba safai yake buɗewa ba. Likita yakan fara ba da magani mai ƙarfi na kashe kumburi tun kafin gwaji ya kammala. Haka nan ciwon kan da ya sauko nan take kamar an sari mutum da gatari, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, ko karkacewar baki: a nemi mota a sa'ar nan, ko da dare ne.

Malamin da zai rubuta takardar rakiya ya sani tsoho mai ruɗewa ba zai iya ba da labarin kansa ba. Ya rubuta ranar da ciwon ya fara, da ko ƙaruwa yake yi. Ya tambayi matan gida da yara ko an ga ya faɗi, ko ya bugu, ko babur ya kayar da shi cikin wata 3 da suka wuce, kome ƙanƙantar abin. A haɗa dukan magungunan da yake sha a tafi da su cikin kwalayensu, musamman asfirin da magungunan tsinka jini irin su wafarin, domin suna ƙara zubar, kuma likita ne kaɗai zai ce a tsayar da su ko a ci gaba. Wanda zai raka shi kuwa ya zama wanda suke kwana gida ɗaya, wanda ya san yadda yake kafin ciwon.