Yaƙin Cacar Baka a Saharar Cadi da Bindigogin Dajin Rugu

Manomin Batsari ko na Safana ba ya bukatar a kwatanta masa bindigar AK-47. Ya san kamanninta, ya san amonta, domin ita ce a kafaɗar 'yan bindigar da suka mayar da Dajin Rugu maɓoya. A watan Fabrairu na 2020 kaɗai an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. Amma kuwa Mikha'il Kalashnikof, sojan Tarayyar Sobiyet da ya tsara wannan bindiga a 1947, an sa shi aikin ne domin yaƙi da rundunonin Turai. Wannan yaƙi bai taɓa aukuwa ba. Dalilin rashin aukuwarsa, da inda aka karkatar da makaman da aka tanada dominsa, shi ne abin da masana tarihi ke kira yaƙin wakilci, wato manyan ƙasashe su sa waɗansu su yi musu faɗa.

Me ya hana su gwabzawa?

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfi ya tattaru a hannun Amurka da Tarayyar Sobiyet. Amurka ta mallaki bam na nukiliya a 1945, Sobiyet ta gwada nata a 1949. A watan Oktoba na 1962, lokacin da Sobiyet ta girke makamai masu linzami a Kyuba, an shafe kwana 13 duniya na zaman ɗar-ɗar kafin a janye su. Daga nan kowane ɓangare ya tabbata cewa ko da shi ya fara harbi, abokin gabarsa zai rage da abin da zai mayar da martani ya ƙone masa birane. Kar ta san kar ke nan. Gaba ba ta mutu ba, sai dai aka sake mata fili. Duk inda rikici ya ɓarke a ƙaramar ƙasa, sai wannan ya ba ɓangare guda makamai da kuɗi da masu horarwa, wancan ya ba ɗaya ɓangaren, tare da kiyaye sharaɗi guda, cewa kada sojan Amurka da na Sobiyet su yi gaba da gaba a bainar jama'a. Haka aka yi a Biyetnam da Angola da Afganistan. Misalin da ya fi kusa da ƙasar Hausa shi ne na Cadi.

Wutar gida, iskar waje

Ya kamata ɗalibi ya riƙe cewa ba manyan ƙasashe ne suka ƙirƙiri rikicin Cadi ba. Ƙasar ta sami 'yancin kai daga Faransa a 1960 a ƙarƙashin Faransuwa Tombalbay, mutumin kudu, wanda jama'ar tsakiya da arewa suka ga gwamnatinsa ta ware su. A 1965 talakawan Mangalme suka tayar wa masu karɓar haraji, a 1966 kuma aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Niyala na Sudan. Har zuwa nan magana ce ta haraji da rabon mulki.

Abin ya sauya bayan Mu'ammar Gaddafi ya karɓi mulkin Libiya a 1969. Yana da'awar wani zirin hamada da ke kan iyakar ƙasashen biyu, mai suna Auzu, a 1973 kuma sojojinsa suka shige shi. Daga 1974 ya shiga sayen makamai daga Sobiyet da kuɗin man fetur: tankoki, jiragen yaƙi, igwa, da ƙananan bindigogi fiye da abin da sojojinsa za su iya riƙewa. Daga cikinsu ya riƙa ba 'yan tawayen arewacin Cadi. Sai kan 'yan tawayen ya rabu a kan wannan taimako. Gukuni Wedeye ya yarda a karɓa, Hisen Habre ya ce ba zai haɗa kai da wanda ya mamaye ƙasarsu ba. Dukansu biyu Tubawa ne, Musulmi, 'yan arewa, kuma ba wata aƙidar gurguzu ko ta jari-hujja ce ta raba su ba.

Nijeriya ta yi ƙoƙarin kashe wutar tun tana ƙarama. A watan Maris na 1979 gwamnatin Janar Obasanjo ta tara ɓangarorin a Kano aka sa hannu a yarjejeniya, ta kuma tura sojoji Injamena, amma cikin 'yan watanni suka dawo. Wani zaman da aka yi a Legas a watan Agusta ya haifar da gwamnatin haɗin gwiwa, Gukuni shugaba, Habre ministan tsaro. Ba ta yi ƙarko ba. A watan Maris na 1980 faɗa ya sake ɓarkewa a tsakaninsu cikin babban birnin. Dalili ba boyayye ba ne: mayaƙi kan rungumi sulhu ne idan harsashi ya kusa ƙare masa, wanda kuwa yake sa ran wata mota na tafe masa daga waje ba ya gaggawa. A watan Disamba tankokin Libiya suka shiga Injamena suka kori Habre zuwa iyakar Sudan, a watan Janairu na 1981 aka yi shelar shirin haɗe Libiya da Cadi.

A cikin wannan wata ne Ronal Regan ya hau mulkin Amurka. Gwamnatinsa na kallon Gaddafi a matsayin ɗan koren Mosko, saboda haka hukumar leƙen asiri ta CIA ta fara aika wa Habre kuɗi da makamai a ɓoye, ta hannun Masar da Sudan. Mai karatu ya lura da tsawon sarƙar. Makamin Sobiyet na bi ta Libiya ya isa ga Gukuni, na Amurka na bi ta Alƙahira da Khartum ya isa ga Habre, kuma kowace babbar ƙasa na iya rantsuwa cewa ba ta cikin faɗan. Da sojojin Libiya suka janye a ƙarshen 1981, rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta maye gurbinsu, da sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin wani janar na Nijeriya. Ba ta tare Habre ba. Ranar 7 ga Yuni, 1982 ya kama Injamena.

Layin da aka shata, da yaƙin Toyota

A 1983 Gukuni ya dawo da goyon bayan jiragen Libiya ya ƙwace garin Faya. Amurka ta ware wa Habre taimakon soja na dala miliyan 25, Mobutu na Zayar ya aiko da dakaru, Faransa kuma ta sauke sojojinta a watan Agusta. Abin lura shi ne Faransa ba ta nufi Faya ba. Shata layi ta yi a taswira, da farko a kan layin kwance na 15, daga baya na 16, ta ce wanda ya ƙetaro shi kudu zai gamu da ita. Domin kwatance, Batsari da Safana suna tsakanin layi na 12 ne da na 13. Wannan ɗabi'a ce ta yaƙin wakilci: ubangida kan ba yaronsa abin da zai hana a kayar da shi, amma yana auna kowane mataki kada abin ya kai shi ga karo da wanda ya fi ƙarfin wasa.

Ƙarshen yaƙin ya zo a 1987. Gukuni ya ɓata da Gaddafi, yawancin mayaƙansa suka koma wajen Habre, Libiya ta rasa 'yan ƙasar da suka san hamadar. Faransa ta ba Cadi motocin Toyota a-kori-kura kimanin 400, da makamai masu linzami na fasa tanka. Tanka na da sulke, amma tana da nauyi, tana shan mai, kuma juya bakin igwarta na ɗaukar lokaci. Sojojin Cadi sukan afka da gudu daga ɓangarori da dama a lokaci guda, su shige tsakanin tankokin ta yadda na Libiya ba za su yi harbi ba tare da sun sami junansu ba. Ranar 2 ga Janairu suka ci Fada, a watan Maris suka ci babban sansanin Wadi Dum, inda aka bar jirage da tankoki da aka ƙiyasta kuɗinsu da kusan dala biliyan 1. Cikin fursunonin akwai Kanar Khalifa Haftar, wanda sunansa ya sake fitowa a yaƙin Libiya na bayan 2011. A 1988 kuma Amurkawa suka zo da dare suka ɗauke wani jirgi mai saukar ungulu ƙirar Sobiyet da aka bari a can, domin injiniyoyinsu su bincike shi. Ribar babbar ƙasa ke nan. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sai dai kuskure ne a ɗauki mutanen nan a matsayin 'yan amshin shata kawai. Gaddafi da kuɗinsa ya sayi makamansa, burinsa kuma nasa ne, ba na Mosko ba. Faransa na kare martabarta ne a ƙasashen da ta rena. Habre ya gane abin da Amurka ke tsoro, ya sayar mata da kansa da tsada, iyayen gidansa kuma suka kawar da kai daga abin da yake yi wa mutanensa. Bayan Idris Debi ya kifar da shi a watan Disamba na 1990, kwamitin binciken Cadi ya ƙiyasta cewa an kashe mutum 40,000 a zamaninsa, a 2016 kuma wata kotu a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Shi kuwa zirin Auzu, Kotun Duniya ce ta ba Cadi shi a 1994, ba bakin bindiga ba.

Daga rumbun Libiya zuwa bakin Rugu

Tarayyar Sobiyet ta rushe a watan Disamba na 1991, amma bindigar Kalashnikof ba ta san an tashi daga wasa ba. Sassanta kaɗan ne, tana jure ƙura da rashin kulawa, tana iya aiki bayan shekaru masu yawa. Bugu da ƙari, Sobiyet ta ba ƙawayenta, irin su Sin da Poland da Romaniya, damar ƙera ta, duk da harsashi iri ɗaya, don haka abincinta ba ya wuyar samu. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a 2011 aka fasa rumbunan da ya cika tun shekarun 1970, makamai suka bazu ta tsofaffin hanyoyin fatake zuwa Mali da Nijar, daga nan wasu suka gangaro iyakar Katsina da Zamfara.

Yadda ake gane asalin bindiga shi ne ta tambarin masana'anta da lamba da shekarar ƙira da ke jikin ƙarfenta, sai a gwada su da bayanan ƙasar da aka fara sayar wa. Wata ƙungiyar bincike ta Birtaniya ta yi haka da makaman da aka kama a Katsina da Kaduna da Zamfara, ta fitar da rahoto a 2020. Ta sami waɗanda suka fito daga Libiya. Ta kuma sami na rumbun sojan Kwaddibuwa, da na jami'an tsaron Nijeriya da suka faɗa hannun ɓata-gari, da bindigogin farauta da aka yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya, da ɗimbin ƙirar maƙeran gida. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa yaƙin cacar baka dukan abin da ya sami Batsari da Safana. Satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da rashin adalci wajen shari'a, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya, duk a gida aka haife su, kamar yadda harajin Mangalme ya kasance na gida. Abin da waje ya ƙara shi ne makamin: rigimar da a da ake yi da sanda da kwari da baka da bindigar toka, ta koma ana yin ta da bindiga mai cin harsashi 30.