“Ka gyara, ma yi lissafi”: maganar da ke haɗa mai gida da ɗan haya

A aikina na lauya mai kula da shari'o'in gidaje da gado, rigimar haya da ta fi zuwa gabana ita ce ta gyara. Kuɗin haya kowa ya san adadinsa, har maƙwabta sun sani. Gyara kuwa magana ce da ake yi a tsaye a bakin ƙofa, ruwa na zuba, kowa na sauri, babu wanda ya rubuta. Ga wata da na zauna sulhunta a Rogo Sabon Gari, na cire sunaye.

Wata baiwar Allah ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da gida mai sassa biyu. Da ta fita takaba sai ta ba wani malamin makaranta da aka turo garin hayar ciki da falo na sashen waje, naira 96,000 a shekara, biya gaba ɗaya. Takardar da ke tsakaninsu rasit ne kawai na littafin makaranta: suna, kuɗi, kwanan wata. Da kuɗin nan take sayen masarar shekara da kaka, lokacin da take araha.

Ruwan Agusta ya sauka, ɗaki ya fara yoyo. Malamin ya yi sallama ya ce, “Hajiya, ruwa na zuba mana a kan katifa.” Ta ce, “Malam, ba ni da ko sisi yanzu. Ka gyara, ma yi lissafi.” Shi ke nan abin da aka faɗa.

Ya kira kafinta. Kafinta ya hau ya ce kwanon ya ci tsatsa, faci ba zai riƙe ba. Aka sayi kwano na 45,000, katako da ƙusa na 10,000, ladan aiki 15,000, jimla 70,000. Da ya ga an fara aiki, sai ya ƙara da daɓen siminti a falo, 20,000. Ranar sabunta haya ya zo da takardar lissafi ta 90,000 da tsabar kuɗi naira 6,000. Matar ta ce ita faci ta ce a yi, ba sabon rufi ba, daɓe kuwa ba ta ma san da shi ba sai da ta ga buhunan siminti. Ya ce ai ta gani ba ta hana ba. Gaisuwa ta yanke, aka kulle rijiya, magana ta kai zauren mai unguwa.

Kotunan Shari'a na jihar Kano, kamar kotunan alƙalai da suka gada kafin 2000, da fiƙihun Malikiyya suke hukunci a irin wannan, kuma Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa sun yi maganar a babin hayar gidaje. Abin da ke ba 'yan haya mamaki shi ne, a mashahurin zance ba a tilasta mai gida ya yi gyara. Idan lalacewar tana cutarwa, kamar yoyon da ke hana kwana, ɗan haya ke da zaɓi: ya warware hayar ya karɓi kuɗin sauran watanninsa, ko ya zauna a haka. Idan ya sa kuɗinsa ya gyara ba tare da izini ba, ana ɗaukarsa mai sa kai. Iyakar abin da yake da shi ranar fita shi ne kayan da za a iya cirewa su yi daraja, ko mai gida ya biya shi ƙimarsu a matsayin ɓararrun kaya, wadda ba ta kusa da farashin shago. Kwano ana cire shi a sayar. Daɓen siminti in ka fasa shi ɓaraguzai ne, don haka 20,000 ɗin nan tun a zaman farko na gaya wa malamin ya cire rai da ita. Ganin buhu a tsakar gida bai zama alkawarin biya ba.

Rufin ne mai wuya, domin a nan akwai izini, sai dai ba a faɗi iyakarsa ba. Malamin shi ne mai da'awa, shi zai kawo hujja. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adalai, ko namiji da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa. Wa ya ji maganar? Matarsa da ke cikin ɗaki, da ɗan Hajiya da ke alwala. Shaidar mata ga mijinta ba ta karɓuwa, haka ta ɗa ga mahaifiyarsa, saboda tuhumar son kai. Da an je kotu, da wuya maganar ta wuce rantsuwa, kuma na san mutanenmu: mace mai shekaru za ta gwammace ta yi asarar kuɗin da ta dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ko da tana da gaskiya. Wasu 'yan haya sun san haka, suna kuma cin moriyarsa. Wannan malamin, a ganina, ba ya cikinsu. Ya ɗauka “ma yi lissafi” tana nufin duk abin da ya kashe, ita kuma ta ɗauka dubu goma ce ko sha biyar.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne ita da bakinta ta ce wa mai unguwa, “Ranka ya daɗe, na ce ya gyara, ban musa ba.” Aka kira wani kafinta daban ya duba tsohon kwanon da ke jingine a bayan gida, ya tabbatar ba ya facuwa. Rufin kuma ya zama na gidan, ita da marayunta za su more shi bayan malamin ya tashi. Aka daidaita a kan ta ɗauki 70,000, amma a raba shekara biyu, 35,000 kowace shekara. Ya cika mata 61,000 a wannan shekarar, haka kuma baɗi, kuma ba za a ƙara masa haya ba sai bashin ya ƙare. Idan aka yi masa canjin wurin aiki kafin nan, za ta biya shi ragowar daga kuɗin wanda ya shiga ɗakin. Ƙanen marigayin ya sa hannu tare da ita, domin rabonta a gidan tumuni ne, ɗaya bisa takwas, sauran na yara ne, kuma bashin da aka ɗora wa gidan marayu yana bukatar yardar wanda aka ɗora wa kula da dukiyarsu.

Layi uku a bayan rasit ɗin farko da sun hana duk wannan. A rubuta cewa ɗan haya ba zai yi gyaran da za a cire a kuɗin haya ba sai da izini a rubuce. A rubuta abin da za a gyara da iyakar kuɗinsa, misali “rufin ɗaki, kada ya wuce 30,000, in zai wuce a dawo a sake magana”. A rubuta yadda za a cire, lokaci ɗaya ko kashi-kashi, da abin da zai faru in ya tashi kafin a gama. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne, muddin shaidu biyu da ba 'yan gidan ba sun sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Iyayenmu mata masu ba da haya, idan ɗan haya ya zo da maganar yoyo, kada kunya ta sa ku ce “ma yi lissafi”. Ku ce ya kawo kafinta ya faɗi kuɗi tukuna, a kira maƙwabta biyu, a rubuta, sannan a hau rufi.