Zakkar Kuɗin Ajiya: Daga Ina Ake Fara Lissafi?

Tambayar da kwamitocin masallatai suka fi kawo mana ita ce: idan ajiyar mutum ta haura nisabi, daga rarar da ke sama zai fitar da zakka, ko daga dukiyar baki ɗaya? Amsar ita ce daga dukiyar baki ɗaya. Aikin nisabi shi ne ya nuna ko zakka ta wajaba, ba a cire shi kafin lissafi.

Sunna ta ƙayyade nisabin zinariya da dinari 20, a fitar da rabin dinari. Na azurfa kuma dirhami 200, a fitar da dirhami 5. Ku lura, dirhami biyar ɗin nan daga cikin ɗari biyun suke fita. Wannan shi ne ɗaya bisa arba'in, wato kashi 2.5 cikin ɗari. A ma'aunin yau dinari 20 ya kai kimanin giram 85, dirhami 200 kuma kimanin giram 595. Malamai sun saɓa kan wanda za a auna kuɗin takarda da shi; a nan mun bi na zinariya.

Mu ƙaddara giram ɗin zinariya naira 150,000 ne a ranar lissafi, nisabi ya zama naira 12,750,000 ke nan. Wata baiwar Allah tana da naira miliyan 16 a banki, kuɗin sun shekara ba su taɓa sauka ƙasa da nisabi ba. Ana bin ta bashin miliyan 2, ba ta kuma da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, don haka a mazhabar Malikiyya sai a cire shi. Saura miliyan 14, ya haura nisabi. A raba gida arba'in, zakkarta naira 350,000.

Da ta cire nisabi ta yi lissafi a kan rarar naira 1,250,000, da naira 31,250 kawai za ta fitar, haƙƙin mabuƙata na naira 318,750 ya rage a wuyanta. Hanyar gane kuskuren mai sauƙi ce: kowace miliyan ɗaya tana ba da naira 25,000.

Shekarar da ake nufi ta wata ce, mai kwana kusan 354, don haka a tsayar da rana ta Hijira a rubuta ta. Farashin zinariya kuwa yana hawa yana sauka, sai a nemi na ranar da shekarar ta cika, kada a dogara da nisabin bara. Wanda ya yi ta lissafi a kan rara a baya, ya koma ya biya gibin, domin zakka ba ta faɗuwa da shuɗewar lokaci. Allah Ya karɓa mana.