Darasi: Abin da Zafi ke Yi wa Sandar Ƙarfen da Aka Hana Miƙewa

Darasinmu na wannan karo na ɗalibanmu ne masu karatun injiniya a ƙasashen da muke zaune, tare da 'yan'uwa masu sana'ar walda da gine-gine. Tambaya ɗaya za mu bi: idan aka ɗumama sandar ƙarfe gaba ɗayanta daidai wa daida, alhali an toshe mata hanyar miƙewa, me ke faruwa a cikinta?

Mu fara da sandar da ba a tare ba. Ƙarfe yakan ƙara tsawo idan ya ɗau zafi, kuma ƙarin ya dogara da abu uku: tsawon sandar na asali (L), yawan zafin da ya ƙaru (ΔT), da wata lamba ta jinsin ƙarfen kansa (α), wadda ke nuna yawan miƙewarsa a kowane digiri ɗaya.

```
δ = α L ΔT
```

Ga baƙin ƙarfe na gini, α tana wajen kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri na Salshiyos. A ɗauko sanda mai tsawon mita 1, wato milimita 1000, mai kaurin milimita 50, a ɗaga zafinta daga digiri 20 zuwa 70. Ƙarin zafi digiri 50 ke nan, sandar kuwa za ta ƙaru da milimita 0.6. Abin lura shi ne, wannan sanda ba ta ɗauke da wani matsi a cikinta ko kaɗan. Ta so miƙewa, ta kuma miƙe. Zafi shi kaɗai ba ya haifar da matsi, sai an haɗa shi da hani.

To, yanzu a yi wa bakunanta biyu walda a tsakanin bango biyu da ba sa motsi, sannan a ɗumama ta kamar farko. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lamarin ita ce mutum ya raba shi gida biyu a zuciyarsa. Ya ƙaddara an cire bango ɗaya, sanda ta miƙe da milimita 0.6. Sannan ya ƙaddara bangon ya dawo ya danne ta har ta koma tsawonta na asali. Ƙarfin da ake bukata don wannan danniya shi ne abin da sandar ke ji. Ana auna matsin (σ) a matsayin ƙarfi a kan kowane yanki na faɗin bakin sanda, kuma yana daidai da taurin ƙarfen (E) sau rabon danniyar da tsawon sanda. Idan aka saka δ a wurinta, sai L ta sama ta kashe L ta ƙasa:

```
σ = E δ / L = E α ΔT
σ = 200000 × 0.000012 × 50 = 120 MPa
```

Taurin baƙin ƙarfe kusan megafaskal 200,000 ne, don haka matsin ya kai megafaskal 120. Faɗin bakin sandar ya kusa murabba'in milimita 1963, ke nan tana tura kowane bango da ƙarfin kilonyuton 236, kwatankwacin nauyin tan 24. Duk wannan saboda an hana ta abin da bai kai milimita ɗaya ba.

A duba da kyau, babu tsawo a cikin wannan lissafi. Sanda mai mita 1 da mai mita 100 matsi ɗaya za su ɗauka, domin doguwar ta fi son miƙewa, amma kuma ta fi sauƙin dannuwa, sai ɗaya ya shafe ɗaya. Kauri ma bai shiga ba: ƙara kaurin sanda ba ya rage matsin, sai dai ya ƙara wa bango wahala. Kowane digiri ɗaya yana ƙara megafaskal 2.4, lamba ce da ta cancanci a haddace.

Yanzu ga wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe. A ce an kafe baki ɗaya, ɗaya bakin kuma an bar giɓi (g) na milimita 0.2 tsakaninsa da bango. Labarin ya zama zango biyu. A zangon farko sandar tana miƙewa abinta, ba ta taɓa komai ba, matsi sifili ne. Kowane digiri yana ƙara mata milimita 0.012, saboda haka za ta cike giɓin bayan ƙarin digiri 16.7, wato idan zafinta ya kusa digiri 37. Daga nan ne zango na biyu ke farawa, kuma abin da bango zai danne shi ne ragowar miƙewar kawai, milimita 0.6 a ɗebe 0.2, saura 0.4:

```
σ = E (α L ΔT − g) / L
σ = 200000 × (0.6 − 0.2) / 1000 = 80 MPa
```

Giɓin da da ƙyar ido zai gan shi ya rage sulusin matsin, daga 120 zuwa 80. Ƙarfin da ke kan bango ya sauko zuwa kilonyuton 157. Ana iya tabbatar da amsar ta wata hanya: ragowar zafin bayan rufewar giɓi digiri 33.3 ne, a ninka shi da 2.4, sai a sami 80.

Sai dai a nan tsawon da muka sallama ɗazu ya dawo. A bar wannan giɓi na milimita 0.2 a gaban sanda mai mita 4. Miƙewar da take so milimita 2.4 ce, za ta cinye giɓin cikin digiri 4 da ɗoriya, matsin kuma ya kai megafaskal 110. Giɓin da ya wadaci gajera bai yi wa doguwa wani abin kirki ba. Wanda ya haddace cewa tsawo ba ya shiga lissafin matsin zafi, ya kuma kawo wannan haddar cikin matsalar giɓi, ya ɓata.

Kuskure na biyu ya fi wannan yawa a takardun jarrabawa. A ce ƙarin zafin digiri 10 ne kawai. Miƙewa milimita 0.12 ce, ba ta kai giɓin ba. Wanda ya yi gaggawar zuba lambobi zai sami −16, ya rubuta cewa ana jan sandar ne. Wa ke janta, alhali ba ta ma taɓa bangon ba? Amsar sifili ce. Shi ya sa a ganina matakin farko ko yaushe shi ne a gwada δ da g kafin a taɓa E.

Lissafin nan yana da iyaka. Ya ɗauka cewa bango ba ya ja da baya ko kaɗan. Idan ya ɗan saki, tamkar an ƙara giɓi ne, matsi ya ragu. Ya kuma ɗauka cewa ƙarfen bai wuce haddin da zai iya komawa siffarsa ba. Ga ƙarfen gini na yau da kullum haddin yana wajen megafaskal 250, wanda ƙarin digiri 104 zai kai shi idan babu giɓi. Bayan nan sandar takan dannu dindindin, idan ta huce sai a tarar ta gajarce, ko kuma tana jan waldarta.

Iyakar da ta fi haɗari ita ce lanƙwasa. Da rodi mai kaurin milimita 12 muka yi amfani a maimakon mai 50, da ba zai jira 120 ba. Lissafin Euler ya nuna cewa mita 1 na irin wannan rodi, ko da an kafe bakunansa biyu, zai gantsare gefe a wajen megafaskal 71, wato bayan ƙarin digiri 30 kacal. Mazauna Birtaniya sun ga misalin haka a watan Yulin 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 aka rage gudun jiragen ƙasa, aka soke wasu. Layin dogo na zamani a haɗe yake da walda, babu giɓi, kuma a can ana shimfiɗa shi ta yadda matsinsa zai zama sifili a digiri 27. Ƙarfen da ke kwance a rana yana iya fin iska zafi da digiri 20, ya kai 60. Ƙarin digiri 33 ke nan, kusan megafaskal 80, kuma duwatsun da ke riƙe da layin suna cikin abubuwan da ke hana shi karkacewa.