Bayan An Kashe Waya, Me Za A Rubuta?

Tambaya: Mun yi ciniki ta waya da wani dila a kasuwar Dawanau kan masara buhu 200. Yaya zan rubuta imel da zai zama shaida?

Amsa: Malam, ka rubuta a ranar, kafin lissafi ya fara rikicewa. Faɗi ranar da kuka yi waya, sannan ka ce: "Alhaji, mun daidaita a kan farar masara buhu 200, kowane buhu kilo 100, a kan naira kaza, za a sauke a shagona da ke Zariya ranar Litinin, 14 ga wata." Nauyin buhu ka rubuta shi lallai, don buhu suna ya tara.

Inda rigima ta fi tashi shi ne kuɗin mota da na 'yan dako. Wa zai biya lodi, wa zai biya sauke? In farashin bai haɗa da su ba, ka faɗa ɓaro-ɓaro. Haka kafin alƙalami: nawa ka bayar, yaushe za ka cika.

A ƙarshe ka roƙe shi ya amsa da "na amince", ko ya gyara inda ka kuskure. In ya yi shiru, takardar maganarka ce kai kaɗai, don haka kada ka tura cikon kuɗi sai amsarsa ta iso.