ƘANZO DA TSATSA A TUKUNYAR TURURI

Kowa ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya san farin ƙanzon nan da ke liƙe a gindinta. To, abin da ke samun tukunyar tururi ke nan, watau boila, sai dai nata ya fi muni, gama cuta biyu ce ke fitowa daga tushe guda.

Ruwan rijiya sau da yawa yana ɗauke da narkakken alli wanda ido ba ya gani. Idan ya sha wuta sai ya rabu biyu. Allin ya zauna jikin ƙarfe ya zama ƙanzo, ya tare zafi, gawayi ya yi ta ƙonewa a banza, har ƙarfen ya yi laushi ya kumbura ya fashe. Iskar da ta fita daga cikinsa kuwa, wadda a ke rubutawa CO2, sai ta bi tururi. Inda tururin ya huce ya koma ruwa, a cikin bututun da ke komo da shi tukunya, nan za ta narke, ruwan ya yi tsami ya riƙa cin ƙarfe.

Ga misali. A ce tukunya tana shan sabon ruwa lita 10,000 kullum, kowace lita da miligiram 200 na irin wannan alli. Kilo 2 ke nan a yini, kilo 60 a wata. Iskar kuwa giram 880 kullum.

Maganin ƙanzo shi ne a bi da ruwan ta cikin tankin ƙwayoyin rezin, su kama allin su ba da sodiyam a madadinsa. In sun ƙoshi a wanke su da ruwan gishiri. Amma a nan a ke yin kuskure: tankin nan bai taɓa tushen iskar ba. Sai ka ga tukunya fes, bututun komowa kuwa yana yoyo. Saboda haka a kan ƙara wani magani mai bin tururi, kamar mofolin, ya kashe tsamin, har awon pH ya tsaya wajen 8.5.

Akwai ɓarawo na uku, iskar oksijin da ke cikin ruwan sanyi. Ita a kan kore ta da tururi, a dafa ruwan zuwa wajen digiri 105 a rufaffen tanki kafin ya shiga tukunya. Ragowarta a kashe da sodiyam salfait, kashi 8 ga kowane kashi guda nata.

Yaya za a gane mai laifi? A yanka bututun a duba. Idan an ga kwari mai santsi ya bi ƙasansa a tsawo, aikin tsami ne. Idan ƙananan ramuka ne masu zurfi, kowanne da hular tsatsa, oksijin ce. Kada a sayi magani sai an yi wannan dubawa.